Lemon Tsami, Tafarnuwa da Hantar Ɓera: Yadda Abokai Biyu Suka Tankaɗe Wani Saƙon WhatsApp

A watannin Maris da Afrilu na shekarar 2020, lokacin da korona ta sa kowa ya shige ɗaki ya rungumi waya, akwai wani saƙo da ya zaga duniya a WhatsApp da Facebook, har ya iso wayoyin mutanenmu. Ya bambanta da irin waɗanda aka saba gani masu cewa “wani likita ya ce”, domin shi sunan mujalla ya kama da shekara: Journal of Virology, 1991. Ya ce bincike ya nuna pH na ƙwayar cutar korona yana tsakanin 5.5 da 8.5, saboda haka abin da mutum zai yi ya ga bayanta shi ne ya riƙa cin abincin da pH ɗinsa ya haura nata. Sai ya jero abincin da lambobinsu: babban lemon tsami 9.9, ƙaramin lemon tsami 8.2, fiya 15.6, tafarnuwa 13.2, mangwaro 8.7, tanjarin 8.5, abarba 12.7, lemon zaƙi 9.2, sai wani ganyen ƙasashen Turawa da ake kira dandaliyon, 22.7.

Abin da ya sa saƙon ya ci kasuwa shi ne binciken da ya ambata ba ƙirƙira ba ne. An yi shi, an kuma buga shi a waccan mujallar a waccan shekarar. Duk wanda ya laluba zai same shi, ya ga 5.5 da 8.5 a jimlar farko ta taƙaitaccen bayaninsa. A nan mutane da yawa suke tsayawa su ce ai magana ta ƙare. Wasu abokai biyu da na sani ba su tsaya a nan ba, kuma hirarsu ce zan kawo, domin ta fi kowane dogon wa'azi nuna yadda ake gane ko hujja ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata.

Ɗaya malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, ɗayan ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi. Tun firamare suke tare, don haka ba a jin nauyin juna. Alhajin ne ya tura saƙon, har ya sa an sayo masa tafarnuwa da lemon tsami rabin kwando. Da suka haɗu a ƙofar gida bayan la'asar, sai ya tare Malam da cewa, “To mutumina, wannan dai ba za ka ce tatsuniya ba ce. Yarona ya duba, binciken yana nan.”

Malam ya ce, “Na yarda yana nan. Kai, bari ma in yi maka ragi. Mu ɗauka duk abin da ke cikin saƙon nan gaskiya ne, lambobi da komai. Tambayata ɗaya: in duk gaskiya ne, dole ne cin tafarnuwa ya kashe korona?”

“In duk gaskiya ne ai dole.”

“To mu bi shi gaɓa-gaɓa mu gani. Amma tukuna, ka san mene ne pH ɗin?”

Alhaji ya ce shi dai ya ga lambobi, kuma babba ta fi ƙarama. Malam ya yi masa bayani a taƙaice. Ma'auni ne na tsami a cikin abu mai ruwa. Ana ƙirga shi daga 0 zuwa 14. Tsantsar ruwa yana tsakiya, a kan 7. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, kuma ƙara yin ƙasan ƙara tsami ne. Abin da ya haura 7 yana ɓangaren da ke kashe tsami, wato ɓangaren kanwa da ruwan toka da sabulu. Ya ce, “Ka tambayi Hajiya. In miyar yakuwa ta yi tsami, me take sa mata?”

“Kanwa.”

“Shi ke nan, ka san rabin darasin. Kanwa da tsami kishiyoyi ne, ɗaya yana sama da 7, ɗaya yana ƙasa.”

Daga nan ya karɓi wayar ya nuna masa layi biyu a jerin. Saƙon ya ce a ci abin da ya haura 8.5. Ƙaramin lemon tsami an ba shi 8.2. Tanjarin an ba shi 8.5 cif. Ko ɗaya bai haura ba. Wato ko da ma'aunin saƙon kansa aka bi, biyu daga cikin magungunansa tara sun faɗi jarrabawar da shi ya kafa. Alhaji ya duba, ya sake dubawa, ya ce, “Wallahi ban lura ba.” Malam ya ce yawanci ba a lura, domin lambobi in sun jeru mutum ba karanta su yake yi ba, kwarjininsu yake ji. Wannan gwaji ba ya buƙatar ilimin kimiyya ko kaɗan. Ka ɗauki sharaɗin da saƙo ya gindaya, ka auna misalansa da shi.

Alhaji bai karaya ba. Ya ce, “To a cire biyun. Saura bakwai.”

“Madalla. Mu koma kan binciken. Yaronka ya karanta maka abin da ke ciki, ko sunan kawai ya gani?”

Sunan kawai ya gani, da lambobin nan biyu. Malam ya ce abu na farko da ya kamata ya tsayar da mutum shi ne shekarar. Cutar da ta rufe mana kasuwanni an fara ganinta ne a birnin Wuhan na China a ƙarshen 2019. Binciken 1991 ya girme ta da shekara 28. Ta yaya aka auna abin da ba a san da shi ba? Amsar ita ce korona ba ƙwayar cuta ɗaya ba ce, dangi ne babba. A cikin dangin akwai masu kawo mura ta yau da kullum, akwai mai kama kaji, akwai mai kama aladu, akwai wadda ta haddasa SARS a 2003, akwai ta MERS da ake dangantawa da raƙuma. Wadda masu binciken 1991 suka yi aiki a kanta ta ɓeraye ce, ana kiranta ƙwayar cutar hantar ɓera nau'i na 4, MHV4 a taƙaice. Kuma ba a jikin mutum aka yi aikin ba. Ƙwayoyin halittar ɓera aka raina a ɗakin gwaje-gwaje aka sa musu cutar.

Alhaji ya ce, “Amma ai dangi ɗaya ne. Abin da ya ci doma ba ya barin awai.”

Malam ya yi dariya ya ce wannan karon Alhaji ya kawo magana mai ma'ana, kuma ba zai watsar da ita ba. Gaskiya ne masana suna nazarin cutar dabba don su fahimci ta mutum, shi ya sa ma ake irin wannan binciken. Amma abin da aka gani a ɓera zato yake bayarwa, sai an gwada a kan ɗayar kafin a ce haka ne. Waɗannan biyun ma ba ta ƙofa ɗaya suke shiga ƙwayar halitta ba. “Sai dai,” in ji shi, “ko wannan ma zan bar maka. Mu ce ɓera da mutum duk ɗaya ne. Matsalar da ta fi girma tana gaba.”

Matsalar ita ce binciken bai taɓa cewa pH na ƙwayar cutar 5.5 zuwa 8.5 ne ba. Abin da jimlar ta ce shi ne, idan wannan cuta ta kama ƙwayoyin halittar ɓera, tana sa su manne su narke cikin juna, kuma hakan yana faruwa ko ruwan da suke ciki yana kan 5.5, ko yana kan 8.5, ko wani wuri a tsakani. Lambobin na ruwan da aka raini ƙwayoyin ne, ba na cutar ba. Dama pH siffar ruwa ce da abin da ya narke a cikinsa, ba lamba ce da ake liƙa wa ƙwayar cuta a goshi ba. Abin da masu binciken suke nema kuwa daban ne: sun sami wasu rassan wannan cuta da suka canza, waɗanda ba sa iya wannan manne ƙwayoyi sai ruwan ya yi tsami, suna son gano wane canji ne a jikin ƙayar da ke bayan cutar ya jawo haka. Babu abinci a cikin binciken, babu maganar magani.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, “To amma in tana aiki daga 5.5 zuwa 8.5, ai in an wuce 8.5 ta mutu ke nan.”

“Alhaji, in na ce na gan ka a shago daga ƙarfe takwas na safe zuwa shida na yamma, na ce bayan shida ka rasu?”

“Allah ya kiyaye! Bakinka ya sari ɗanyen kashi.”

“To ka gani. Na faɗi lokacin da na gan ka ne kawai. Abin da ya faru bayan shida ban ce komai a kai ba. Jimlar nan ma ta faɗi inda aka ga cutar tana aiki. Mai saƙon ne ya ƙara da cewa daga nan sai mutuwa, ya jingina wa mujallar.”

A ganina nan ne zuciyar al'amarin. Hujjar gaskiya ce, an kawo ta da suna da shekara, amma maganar da aka ɗora a kanta ba tata ba ce. Irin wannan ya fi ƙarya tsagwaronta wuyar kamawa, domin mai neman tabbaci zai je ya tarar da takardar tana nan, ya dawo da ƙarin yaƙini. Samun takardar mataki ne na farko kawai. Na biyu shi ne a karanta a ga a kan me aka yi ta, a jikin wa, kuma me aka auna.

Sai suka zo kan lambobin abincin, inda Malam ya janye ragin da ya yi. Ya ce wa Alhaji, “Ka ce kanwa ke kashe tsami. Saƙon nan ya ba lemon tsami 9.9, wato ya sa shi layi ɗaya da kanwa. Ka taɓa jin an matsa lemon tsami a miya don a rage mata tsami?” Ainihin pH na ruwan lemon tsami yana tsakanin 2 da 3, can ƙasa a ɓangaren tsami. Abarba da lemon zaƙi suna wajen 3 zuwa 4. Tafarnuwa da fiya suna kusa da 6, ba su ma kai tsakiya ba. A cikin 'ya'yan itatuwan da aka jero babu ko ɗaya da ya kai 7, balle 8.5.

Alhaji ya ce wannan faɗar Malam ce, shi kuma saƙon faɗar wani ne, to wa zai gaskata? Malam ya ce kada ya gaskata kowa, ya aika cikin gida a kawo jiƙaƙƙen zoɓo wanda ba a sa wa sukari ba, da ɗan jiƙon kanwa, da kofunan gilashi uku. Ya tsiyaya zoɓon kaɗan-kaɗan a kowane kofi, ya ƙara ruwa har ya yi ja mai haske da ake hango yatsa ta cikinsa. Kofi na farko ya bar shi yadda yake don a riƙa kwatantawa. A na biyu ya zuba cokali biyu na ruwan kanwa. Nan take jan ya mutu, ruwan ya yi duhu, ya koma wani baƙi-baƙi mai ratsin shuɗi da kore. A na uku ya yanka lemon tsamin da Alhaji ya sayo da kuɗinsa ya matsa. Ruwan ya ƙara ja, ya yi wal.

Ya ce, “Launin da ke cikin zoɓo yana canzawa da pH. A tsami ja ne, a ɓangaren kanwa sai ya yi duhu. In da lemon nan 9.9 ne, da kofi na uku ya bi sahun na biyu.” Bai tsaya nan ba, ya matsa sauran lemon a cikin kofin da ya yi duhu. Ruwan ya ɗan yi kumfa yana tsiyi, jan ya fara dawowa. Lemon ya warware aikin kanwa a gaban idonsu, abin da ba zai yiwu ba in gida ɗaya suke.

Malam mutum ne mai son a faɗi iyakar abu, don haka ya ƙara da cewa wannan gwajin ba ya ba da lamba, ɓangare kawai yake nunawa. Kuma zoɓon kansa mai tsami ne, shi ya sa ake tsinka shi da ruwa sosai, in ba haka ba sai an zuba kanwa da yawa kafin a ga canji. Abin da ke kusa da tsakiya, irin su fiya da tafarnuwa, ba zai nuna wani abin a zo a gani ba. Amma rashin canjin ma amsa ce, domin abin da yake 13.2 da gaske, ɗigo kaɗan ya isa ya juya kofin.

Sannan ya koma kan manyan lambobin. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne, ba ƙari ɗaya ba. Daga 12 zuwa 13 ninki goma, daga 12 zuwa 14 ninki ɗari. Sodar da mata masu haɗa sabulu suke amfani da ita, wadda ke sale fata in ta taɓa hannu, in aka narkar da giram 40 nata a ruwa lita ɗaya ana samun pH 14. Tafarnuwa mai 13.2 da ta ƙone harshen duk wanda ya tauna ta. Fiya mai 15.6 ta ninka wancan ruwan sodar kusan sau 40, ga shi yara suna shafa ta a burodi. Shi kuwa 22.7, Malam ya ɗauki tsinke ya yi lissafin a ƙasa: tazarar da ke tsakaninsa da 14 ita ce 8.7, wato ninki wajen miliyan 500. Giram 40 sau miliyan 500 ya kama tan dubu 20. “Sai ka narkar da soda tan dubu ashirin a cikin lita ɗaya ta ruwa. Ka ga mai saƙon bai san abin da yake rubutawa ba.”

Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu, amma da ya nutsu sai ya kawo tambayar da ta fi duk sauran nauyi. Ya ce shi ya taɓa jin ana cewa lemon tsami a baki ne yake da tsami, in ya shiga jiki sai ya juye ya koma ɗaya ɓangaren. Ko ƙarya ne?

Malam ya ce akwai ƙwayar gaskiya a ciki, kuma daga nan ne irin waɗannan lambobi suke samun gindin zama. Idan jiki ya sarrafa sinadarin tsamin da ke cikin lemo da sauran 'ya'yan itace, abin da ya rage yakan sa fitsari ya ɗan rage tsami. Fitsari kam yana hawa yana sauka, daga wajen 4.5 zuwa 8, gwargwadon abin da aka ci. Amma dalilin da ya sa yake canzawa shi ne ƙoda tana kwashe rarar tana zubarwa don kada jini ya canza. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, ɗan siririn wuri, kuma jiki yana tsaron wannan iyaka dare da rana. Huhu yana daidaita shi cikin mintuna ta hanyar yawan iskar kabon dayoksaid da yake fitarwa, ƙoda kuma tana bi a hankali cikin sa'o'i da kwanaki. Kafin ma a kai ga jini, duk abin da aka haɗiya cikin tumbi yake faɗawa, inda ruwan narkar da abinci yake da pH wajen 1.5 zuwa 3.5. Ita kuwa cutar a hanci da maƙogwaro da huhu take zaune, ba hanyar da tuwo yake bi ba.

“Yanzu ka duba,” in ji Malam. “Jininka 7.4 ne, yana tsakiyar 5.5 da 8.5 ɗin nan. Don dabarar saƙon ta yi aiki, sai ka tura jikinka ya haura 8.5. Mutum in jininsa ya haura 7.45 likitoci sun fara kiransa mara lafiya. Tun kafin ya kai 8 ana maganar rai da mutuwa. Abinci ba zai kai ka can ba, kuma alhamdu lillahi da ba zai iya ba.”

“Wato in maganin ya yi aiki, ni zan riga cutar tafiya.”

“Ka fahimta.”

Malam ya yarda da abu guda, kuma ya dace a faɗe shi. A wajen jiki, a kan tebur ko hannun ƙofa, sinadarai masu ƙarfi suna lalata ƙwayar cutar. Sabulu ma yana yi, ta hanyar farfasa rigar maiƙon da ta lulluɓe ta, shi ya sa aka dage da wanke hannu. Amma abin da ke aiki a kan tebur ba a kawo shi a ce a sha. Tsallen daga kwanon gwaji zuwa cikin jikin mutum shi ne inda saƙonnin magani da yawa suke karyewa.

Alhaji ya ajiye makaminsa na ƙarshe sai da aka zo nan. Ya ce duk wannan lissafi ne na takarda. Shi ƙanin matarsa ya yi zazzaɓi da tari, har ya daina jin ƙamshi, ya dinga shan lemon tsami da tafarnuwa da citta a ruwan zafi, cikin mako biyu ya miƙe. Wannan da idonsa ya gani.

Malam bai musa ba. Ya ce Allah ya ƙara masa lafiya, sannan ya tambaya, “Da bai sha ba fa, me zai faru?”

“Allahu a'alamu.”

“To ka ga inda gizo ke saƙar.” Ya kawo masa alƙaluman da hukumar yaƙi da cututtuka ta China ta fitar a Fabrairun 2020, a kan mutum fiye da dubu 44 da aka tabbatar sun kamu: kashi 81 cikin ɗari ciwon bai yi musu tsanani ba. Ya ce a ɗauki mutum ɗari da suka kamu, a ba kowa lemon tsami. Wajen tamanin za su warke ba tare da an kai ga wani tashin hankali ba, kuma kowannensu zai rantse lemon ne. A ba wasu ɗarin ruwan pampo zalla, su ma wajen tamanin za su miƙe. Shaidu tamanin ke nan a kowane ɓangare, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Waɗanda suka sha lemon amma jikin ya rikice kuwa, ba su ke tura saƙo ba. Hanyar da za a san ko lemon ya ƙara wani abu ita ce a sami rukuni biyu masu kama da juna, a ba ɗaya a hana ɗaya, a ƙirga bambancin. Saƙon bai kawo irin wannan gwaji ba, bai ma yi da'awar an yi ba.

Alhaji ya ce, “To yanzu rabin kwandon nan zubarwa zan yi? Ka ce lemo ba shi da amfani.”

Malam ya ce bai faɗi haka ba, kuma a nan ma a yi hattara, don kada a tsallake daga wani rami a faɗa wani. Rushe hujjar saƙon bai tabbatar da cewa lemo banza ba ne. Lemo da abarba da mangwaro abinci ne masu kyau, suna da bitamin, ruwan ɗumi da lemo yana sanyaya wa mai ciwon maƙogwaro. Abin da aka rushe shi ne cewa suna kashe korona ta hanyar pH, kuma wai binciken 1991 ya nuna haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce game da tafarnuwa ke nan a lokacin: abinci ne mai kyau, amma babu shaidar cewa cinta ya kare mutane daga wannan cuta. “Ka sha lemonka,” in ji shi, “amma ka sa takunkuminka, kuma in numfashi ya fara yi wa wani wuya a gidanka, asibiti za a nufa, ba kicin ba.”

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, tunda lemo ba ya kisa? Abu biyu ne. Na farko, wanda ya yarda yana da kariya yakan saki jiki, ya kuma yi jinkirin neman magani. Na biyu, wanda ya ɗauki dabarar saƙon da gaske, ya kuma gane cewa lemo mai tsami ne, zai nemi abin da yake ɓangaren sama da gaske, kuma mafi kusa da hannu a gidajenmu kanwa ce. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin na gishiri, kuma ɗirka ta da yawa haɗari ne ga mai hawan jini da mai ciwon zuciya ko ƙoda. Mun taɓa ganin irin wannan. A watan Agustan 2014, bayan da Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zaga Nijeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi 'yan'uwansu daga barci saboda ƙauna. Rahotanni sun nuna aƙalla mutum biyu sun rasu, wasu da dama kuma an kwantar da su a asibiti.

Abin da ya burge ni a hirar nan shi ne yawancin aikin bai buƙaci digiri ba. Ganin cewa 8.2 bai kai 8.5 ba, da ganin cewa 1991 ta riga 2019, da sanin cewa lemo da kanwa ba gida ɗaya suke ba, duk Alhaji yana da kayan aikinsu tun kafin Malam ya buɗe baki. Sunan mujallar Turanci ne ya sa ya ajiye abin da ya sani. Malam kuma bai fara da cewa ƙarya ne ba, wanda da ya yi da gardamar ta koma ta wa ya fi wa ilimi. Ya ba saƙon duk abin da ya nema, sannan ya tambaya ko ƙarshen ya biyo baya.

Da za su tashi sallar magariba Alhaji ya ce zai koma zauren danginsu na WhatsApp ya rubuta cewa a yi watsi da abin da ya turo, duk da ya san gyara ba ya gudu kamar yadda kuskure yake yi. Mai karatu, saƙo na gaba da zai shigo wayarka da sunan wata jami'a ko mujalla, kafin yatsanka ya kai kan alamar turawa, nemi wanda zai karanta maka ainihin binciken, ka tambaye shi a wace shekara aka yi, a jikin wa aka yi, kuma me aka auna. In amsoshin ba su yi daidai da abin da saƙon ya ce a yi ba, bar shi ya tsaya a wayarka.